Bangon da k ɗinsa ke canzawa da zafi: wace k za a saka a lissafi?

Tambaya:

Assalamu alaikum malamai. Don Allah a taimaka min, an ba mu bangon tanderu na bulon wuta mai kaurin 0.25 m, fuskar ciki 1000 °C, fuskar waje 200 °C, kuma aka ce k = 0.8(1 + 0.0007T) W/m·K, T a digirin Salsiyos, wai mu nemo zafin da ke ratsa kowace murabba'in mita. Ni dai na san q = kΔT/L amma a nan k ɗin ba lamba ɗaya ba ce, toh wacce zan saka? Wani ɗan ajinmu ya ce in ɗau ta tsakiya kawai, shin wannan daidai ne ko dai kintace ne?

Amsa:

Wa alaikumus salam ƙanena. Ɗan ajin naku ya faɗi gaskiya, kuma a wannan tambayar taka ba kintace ba ne ko kaɗan, amsa ce cif-cif, amma fa akwai dalilin da ya sa ta zama cif-cif ɗin, in ba ka san dalilin ba wata rana za a ɗan murɗa tambayar ka sake ɗaukar ta tsakiya ka faɗi. Don haka bari mu bi ta a hankali.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne bangon nan ya riga ya zauna, wato an daɗe da hura wuta, zafin kowane wuri a cikinsa ya daina hawa ya daina sauka, kuma babu wani abu a cikin bulon da ke haifar da zafi da kansa. In haka ne toh duk zafin da ya shiga ta fuskar ciki dole shi ne zai fita ta fuskar waje, babu inda zai maƙale, don da zai maƙale a wani wuri da wurin ya ci gaba da ɗumama, mu kuwa mun ce ya zauna. Ma'ana q iri ɗaya ce a kowane yanki na bangon, ko ka yanka shi a santimita 1 daga ciki ko a santimita 24. Ita k tana canzawa daga wuri zuwa wuri, shi ma gangaren zafin yana canzawa, amma in ka ninka su biyun lamba ɗaya za ka samu ko'ina. Duk lissafin a kan wannan ya tsaya.

Ita q = kΔT/L da ka haddace ba ita ce asalin doka ba, 'yarta ce. Asalin dokar Fourier, wadda ya fitar a littafinsa na 1822, ga ta:

q = −k dT/dx

Wannan tana aiki a kowane ɗan siririn yanki ko k na canzawa ko ba ta canzawa. Sai ka raba su, x gefe ɗaya T gefe ɗaya:

q dx = −k(T) dT

Kaga tunda q ba ta canzawa da x za ta fito waje daga intagireshon, gefen hagu ya zama qL kawai. Gefen dama kuma k ba za ta fito ba don ta dogara da T, sai dai a yi mata intagireshon daga T2, zafin fuskar waje, zuwa T1, zafin fuskar ciki. In k = k0(1 + βT) za ka samu:

qL = k0[(T1 − T2) + (β/2)(T1² − T2²)]

Toh a nan ne dabarar take, kuma lissafin sakandare ne ba wani abu ba. T1² − T2² ai (T1 − T2)(T1 + T2) ne, don haka (T1 − T2) tana cikin duka biyun, ka fitar da ita:

q = k0[1 + β(T1 + T2)/2] (T1 − T2)/L

Duba abin da ke cikin babbar bakar nan da kyau. k0[1 + β(T1 + T2)/2] ba komai ba ne illa fomular k ɗinka ta asali da aka saka mata matsakaicin zafin fuskokin biyu a madadin T. Ita ake kira km. Babu inda muka ce "kusan" ko muka jefar da wani ƙaramin abu, lissafi ne ya kawo mu nan kai tsaye, shi ya sa na ce maka ba kintace ba ne.

Yanzu lambobinka. Matsakaicin zafi (1000 + 200)/2 = 600 °C. Sai km = 0.8(1 + 0.0007 × 600) = 0.8 × 1.42 = 1.136 W/m·K. Bambancin zafi 800, kauri 0.25, don haka:

q = 1.136 × 800 / 0.25 = 3635 W/m²

Kusan kilowat 3.6 kenan ta kowace murabba'in mita. In bangon murabba'in mita 10 ne toh kilowat 36 ke zurarewa ba dare ba rana, kuma mai ne ko gas ake ƙonawa a biya wannan.

Yana da kyau ka ga abin da zai faru in ka ɗau wata k ɗin daban, don ka san girman kuskuren. Mafi yawan ɗalibai 0.8 suke ɗauka don ita ce ta fito fili a tambayar, sai su samu 2560 W/m², sun yi ƙasa da kusan kashi 30 cikin 100. Ita 0.8 ɗin nan k ce ta bulon a 0 °C, alhali babu wani wuri a bangon nan da ya kusanci sifili, mafi sanyinsa ma 200 ne. Wanda ya ɗau k ta fuskar ciki, 1.36, zai samu 4352, ya zarce da kusan kashi 20. Wanda ya ɗau ta fuskar waje, 0.912, zai samu 2918, ya gaza da kusan kashi 20 shi ma. Ka lura 1.136 tana tsakiyar 1.36 da 0.912 daidai, haɗa su ka raba biyu ka gani. Wannan hanya ce ta biyu ta samun km kuma tana da amfani wajen duba aikinka a jarrabawa, amma ita ma sai in k layi ce miƙaƙƙe da T take aiki.

Akwai wani tarko kuma da yake kama masu ƙoƙari ma, ba raggwaye ba. An saba gaya muku a tamodainamik ku mayar da komai Kelbin, sai mutum ya ga 600 °C ya ƙara 273 ya saka 873 a fomula. Zai samu km = 1.289 da q wajen 4124, ya zarce da kashi 13 da ɗoriya. A bambancin zafi babu damuwa, 800 ce ko a Salsiyos ko a Kelbin, amma a cikin (1 + βT) akwai damuwa sosai, don wanda ya auna bulon ya zana layin nan da T a Salsiyos ya zana shi, k0 ɗinsa da β ɗinsa duk a kan wannan ma'aunin suka zauna. Tambayarka ta faɗa maka Salsiyos ne don haka shikenan. Wata tambayar za ta ba ka β da K⁻¹ ta ce T a Kelbin, a nan kuma dole ka mayar. Kar kuma K ɗin da ke cikin W/m·K ta ruɗe ka, ita bambancin digiri ɗaya take nufi, ba ta ce maka komai a kan T ɗin da za ka saka ba.

Toh yanzu ga inda nake so ka fi mayar da hankali, don nan ne lakcarori ke son ɓoye kashi na biyu na tambaya, kuma nan ne wanda ya haddace "ɗau ta tsakiya" ba tare da fahimta ba yake zamewa. km ta ba ka q daidai, amma ba ta ce zafin cikin bangon yana sauka a miƙe ba. In aka ce maka nawa ne zafin a tsakiyar kaurin, a 0.125 m, ka ce 600, ka faɗi. 600 ɗin nan da muka yi amfani da ita tsakiyar lambobi biyu ce, ba zafin tsakiyar bango ba ce, abubuwa biyu ne daban.

Dalili kuwa shi ne abin da muka fara da shi. Tunda k × gangare lamba ɗaya ce ko'ina, inda k take da girma gangaren zai yi ƙanƙanta, inda take ƙarama gangaren zai yi tsanani. Kamar ruwa ne a magudana, ruwa ɗaya ne zai wuce ta ko'ina, amma inda take da faɗi ɗan gangare kaɗan ya ishe shi, inda ta matse sai an ba shi gangare sosai kafin adadin nan ya wuce. A fuskar ciki k = 1.36, gangaren 3635/1.36, wajen 2673 °C a mita, wato kamar digiri 27 a kowace santimita. A fuskar waje k = 0.912, gangaren wajen 3986 °C a mita, kamar digiri 40 a santimita. Kaga kenan zafin yana sauka a hankali a ɓangaren wuta sannan ya ruguzo da sauri a ɓangaren waje, in ka zana giraf ɗin T da x zai yi doro sama da miƙaƙƙen layi.

Don a samu ainihin lambar, hanya mafi sauƙi ita ce ka ƙirƙiri wani sabon abu, mu kira shi θ:

θ = T + βT²/2

Wannan shi ake kira sauyin Kirchhoff, kuma amfaninsa shi ne T ba ta sauka a miƙe amma θ tana sauka a miƙe, don in ka duba intagireshon ɗin da muka yi za ka ga q = k0(θ1 − θ2)/L ne, kamar bango mai k ɗaya tak. A fuskar ciki θ1 = 1000 + 0.00035 × 1000² = 1350. A fuskar waje θ2 = 200 + 0.00035 × 200² = 214. Bambancinsu 1136, ka ninka da 0.8 ka raba da 0.25, ga 3635 ta sake fitowa, alamar muna kan hanya. A tsakiyar kauri θ ita ce za ta zama rabi, (1350 + 214)/2 = 782. Sai ka dawo da ita T:

0.00035T² + T − 782 = 0

Kwadiratik ce, ka warware ta ka ɗau amsar da take da ma'ana, ɗayar za ta fito da ragi mai yawa ƙasa da sifili ka watsar da ita. Za ka samu T ≈ 639 °C. Digiri 39 kenan sama da abin da miƙaƙƙen layi zai ba ka. In kana so ka tabbatar, raba bangon gida biyu ka yi wa kowanne nasa km. Rabin ciki daga 1000 zuwa 639, matsakaici 819.5, km wajen 1.259, bambanci 361 a kan 0.125 m, q ta fito kusan 3636. Rabin waje daga 639 zuwa 200, matsakaici 419.5, km wajen 1.035, bambanci 439, q ta fito kusan 3635. Sun haɗu, ɗan bambancin na gutsure lamba ne. Gwada da 600 a tsakiya ka gani, rabin ciki zai ba ka 3994 rabin waje ya ba ka 3277, wato zafi na shiga fiye da yadda yake fita, wanda ba zai yiwu ba a bangon da ya zauna. Wannan gwajin na raba bango biyu shi ne nake ba kowa shawara ya riƙa yi, minti biyu ne da kalkuleta kuma yana tona kusan kowane kuskure.

Ita 600 ɗin ma in kana son sanin inda take, θ ɗinta 726 ce, (1350 − 726)/1136 ya ba da 0.549, wato tana wajen santimita 13.7 daga ciki, ba 12.5 ba.

Wani zai ce digiri 39 a cikin 1000 meye abin damuwa. A takarda ba yawa, amma a wurin aiki wannan lissafin ake yi a san inda za a iya saka ƙarfen da ke riƙe bulo, ko inda za a daina bulon wuta a fara abin rufi mai hana zafi fita, kuma kowane irin abin rufi yana da iyakar zafin da yake jurewa. In ka ɗauka wuri 600 ne alhali 639 ne, kuskuren ya faɗa ɓangaren da ba shi da kyau, don ka raina zafin ne ba ka zuzuta shi ba.

Ba kullum β take da ƙari ba fa. Bulon wuta na yumɓu da kayan rufi masu ramuka-ramuka k ɗinsu na hawa da zafi, saboda iskar da ke cikin ramukan tana ƙara wuce da zafi, ga kuma haskakawar zafi daga bangon rami zuwa bangon rami da ke ƙaruwa sosai in wuta ta yi wuta. Amma ƙarfe irin na gini, mai kabon, k ɗinsa sauka take yi in ya yi zafi, haka bulon magnesait ma sauka take, shi kuwa ƙarfe irin wanda ba ya tsatsa, sitenles, tasa hawa take daga wajen 15 W/m·K a zafin ɗaki. In β ta zama ragi fomular km ba ta canza ba ko kaɗan, ka saka ta da alamarta kawai, sai dai giraf ɗin zai lotsa ƙasa da miƙaƙƙen layi maimakon doro, tsakiyar bango ta fi matsakaici sanyi. In aka ba ka zane a jarrabawa aka ce wanne ne na β mai ƙari wanne ne na mai ragi, kar ka yi ƙoƙarin tuno hoton littafi, tambayi kanka kawai a ina k ta fi girma, nan ne layin zai fi kwanciya.

Sai iyakar dabarar, wato inda maganar ɗan ajinku za ta daina zama cif-cif. Ainihin ma'anar km ita ce:

km = [1/(T1 − T2)] ∫ k(T) dT, daga T2 zuwa T1

Wato faɗin filin da ke ƙarƙashin giraf ɗin k da T, a raba shi da tazarar zafin. Wannan ita ce gaskiya a kowane hali. In giraf ɗin miƙaƙƙen layi ne, tsayin tsakiya shi ne matsakaicin tsayi, shi ya sa k a 600 °C ta yi mana aiki. In ya lanƙwasa kuwa toh tsayin tsakiya ba shi ne matsakaici ba.

Bari in ba ka misali da lambobin da na zaɓa don lissafi kawai, ba na wani takamaiman abu ba. A ce k = 0.05(1 + 0.000004T²), zafin fuskoki dai 1000 da 200. In ka yi intagireshon, T² za ta zama T³/3, kuma T1³ − T2³ in an raba da T1 − T2 tana ba da T1² + T1T2 + T2², don haka km = 0.05[1 + 0.000004(1000000 + 200000 + 40000)/3], wanda ya fito 0.1327. Wanda ya saka 600 kai tsaye zai samu 0.122, ya gaza da kashi 8. Wanda ya haɗa k ta fuskoki biyu, 0.25 da 0.058, ya raba biyu zai samu 0.154, ya zarce da kashi 16. Kaga hanyoyi biyun da suka ba mu amsa ɗaya ɗazu yanzu sun rabu, kuma babu wadda ta dace a cikinsu. Wannan rabuwar ita ce alamar da za ka riƙa dubawa: ka lissafa k a matsakaicin zafi, ka lissafa matsakaicin k na fuskoki biyu, in sun zo ɗaya ko kusa da juna ka ci gaba da harkarka, in sun yi nisa toh k ɗinka ta lanƙwasa, sai intagireshon.

A wurin aiki ma ba a cika ba ka fomula ba, masu yin bulo da kayan rufi tebur suke bayarwa, k a 200, a 400, a 600, a 800, a 1000 haka. A nan dokar Simpson tana da daɗi, k ta fuska ɗaya, da ta tsakiya sau huɗu, da ta ɗaya fuskar, a haɗa a raba shida. A misalin nan (0.25 + 4 × 0.122 + 0.058)/6 = 0.1327, daidai da intagireshon, don Simpson ba ta kuskure a kan T² ko T³. Ni a ganina wannan ta fi a tsaya ana ƙoƙarin tilasta wa tebur ya zama miƙaƙƙen layi. Abu ɗaya dai, ka karanta kan teburin da kyau, wasu suna ba da k ne a kan matsakaicin zafi, wato sun riga sun yi maka rabin aikin, wasu kuma a kan zafin fuskar wuta, in ka ɗau wannan a matsayin wancan lissafinka ya tashi aiki tun daga tushe. Kuma kar ka ja layin ya wuce inda aka auna, fomular da aka fitar daga 100 zuwa 600 ba ta yi maka alkawarin komai a 1200 ba.

Saura abu ɗaya da tambayarka ta sauƙaƙa maka, an ba ka zafin fuskoki biyu a hannu. A zahiri sau da yawa abin da ka sani shi ne zafin ciki da zafin iskar waje, ita fuskar waje ba ka san ta ba, kuma ba za ka iya samun km ba sai da ita, ita kuma ba za ka same ta ba sai da q, q kuma sai da km. Zagaye kenan, amma ba mai wahala ba ne, ana warware shi da maimaici. A ce bangon nan naka ne dai, fuskar ciki 1000 °C, iskar waje 35 °C, kuma h ta fuskar waje mu ɗauka 15 W/m²·K. Ka fara da hasashe, ce fuskar waje 200 ce, km = 1.136. Turjiyar bango L/km = 0.2201, ta iska 1/h = 0.0667, jimla 0.2868. q = 965/0.2868, wajen 3365. Daga nan fuskar waje = 35 + 3365/15, wajen 259 °C. Hasashenmu ya yi ƙasa, sai mu sake da 259: matsakaici ya koma kusan 630, km = 1.153, q wajen 3403, fuskar waje 262. Zagaye na uku zai ba ka q wajen 3405 da 262 ɗin dai, ya tsaya kenan. Dalilin da ya sa yake saurin tsayawa shi ne kuskuren digiri 60 a fuska ɗaya digiri 30 ne kawai a matsakaici, shi kuma in an ninka da β ɗan mitsitsi ne. Za ka iya yin ta da kwadiratik kai tsaye ma tunda bango ɗaya ne, amma da zarar sun zama biyu ko uku maimaicin ya fi sauƙi.

Af, 262 °C a bayan bango ba abin da za a bari ba ne, ko kusa da shi mutum ba zai iya aiki ba, shi ya sa ba a gina tanderun masana'anta da bulon wuta zalla, sai an bi bayansa da wani abin rufi mai ƙaramar k. Toh in aka yi haka kowane sashe da nasa km, kuma kowanne da matsakaicin zafin fuskokinsa biyu za a lissafa shi, ba matsakaicin bangon gaba ɗaya ba. Wannan kuskure ne da nake yawan gani, mutum ya ɗau 1000 da zafin waje ya raba biyu ya saka wa duka sassan. Da zarar an saka rufi, bulon wutar gaba ɗayansa zai koma zafi sosai, bayansa da yake 262 zai iya haura 800, km ɗinsa ta hau, shi kuma rufin ya ɗauke mafi yawan faɗuwar zafin. Sai ka yi hasashen zafin mahaɗarsu, ka fitar da km na kowanne, ka haɗa turjiya, ka samu q, ka dawo ka gyara zafin mahaɗar, har q ta sassan biyu ta zo ɗaya.

In aka canza maka siffa aka ce bututu ne ko ƙwallo, km ba ta canzawa, don intagireshon ɗinta a kan T aka yi shi ba a kan x ko r ba, ɓangaren siffar ne kawai zai canza, a bututu L ta koma ln(r2/r1) da 2π ɗinta kamar yadda kuka saba. Inda dabarar ke mutuwa gaba ɗaya shi ne in q ta daina zama ɗaya a ko'ina, misali lokacin da aka fara hura tanderu bango na shan zafi yana ajiyewa, ko in akwai abin da ke haifar da zafi a ciki kamar waya mai ɗauke da lantarki, a nan ba za ka iya fitar da q waje daga intagireshon ba, sai ka koma cikakkiyar ikweshon ta zafi. Haka in k da wuri take canzawa ba da zafi ba, k(x), wannan wata tambaya ce daban, ita turjiya ake haɗawa, ∫dx/k, kuma amsarta ba matsakaicin k na yau da kullum ba ne.

A takardar amsarka ka rubuta sharuɗɗan tukuna, bango ya zauna, zafi na tafiya ta fuska ɗaya, babu haifar da zafi a ciki, sannan layuka uku na intagireshon ɗin, don yawancin makin a nan yake ba a lambar ƙarshe ba, sai km = 1.136 W/m·K da q ≈ 3635 W/m², in kuma akwai kashi na biyu da ke neman zafin tsakiya, 639 °C.